Yadda na ƙalubalanci lissafin bashin haya da kuɗin hidima a rubuce

Takardar da ejan mai kula da gidanmu ya aiko ranar 15 ga Afrilu 2025 shafi ɗaya ce, kuma a ƙasanta an rubuta cewa ana bina naira 1,995,000. Gidan bene ne mai fulat takwas a Gwarinpa, Abuja, da janareta ɗaya na kowa da kowa, da burtsatse, da masu gadi biyu. Layi uku ne suka haɗu suka ba da wannan adadi: ragowar kuɗin haya naira 900,000, cikon kuɗin hidima na shekarar 2024 naira 1,000,000, sai tarar jinkiri naira 95,000. Akwai bashi a kaina, wannan gaskiya ne, amma bai kai ko kusa da haka ba. Aikin wasiƙar da na rubuta shi ne ta raba abin da na yarda da shi daga abin da ban yarda da shi ba, layi bayan layi, kowane adadi da takardar da ke tsaye a bayansa.

Ban fara da rubutu ba. Na fara da tara takardu, domin wasiƙar da aka rubuta kafin a gama lissafi ƙorafi ce kawai, kuma ejan ya san yadda zai amsa ƙorafi. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniyar haya wadda aka sa wa hannu, da duk wata takarda ko saƙon waya da ya shafi ƙarin kuɗi, da rasit, da sitatimen na banki na watannin da ake magana a kansu. Hoton alat a waya yana taimakawa, amma sitatimen mai hatimin banki ya fi shi nauyi, domin yana nuna ranar da kuɗi suka fita, da sunan wanda aka tura wa, da lambar cinikin. Na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya: hagu abin da ya wajaba in biya da ranar da ya wajaba, dama abin da na biya da ranar da na biya. Haya da kuɗin hidima kuma kowanne da shafinsa. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin yawancin rikicin irin wannan takarda daga cakuɗa asusun biyu yake fitowa.

Lissafin haya shi ya fi sauƙi. Shekarar hayata tana farawa 1 ga Maris ta ƙare ƙarshen Fabrairu, kuma yarjejeniya ta ce naira 2,400,000 a shekara, wato 200,000 a wata. Ejan ya rubuta cewa abin da ya wajaba a kaina a shekarar 2024 zuwa 2025 naira 2,700,000 ne. Idan ka ga adadi irin wannan wanda ba tsohon farashi ba ne kuma ba sabo ba, to gauraye ne na biyun, sai ka nemo inda aka yanka. A watan Agusta 2024 an rubuto mana cewa haya za ta koma naira 3,000,000, wato 250,000 a wata. Wata shida a kan 200,000 sun ba da 1,200,000, wata shida a kan 250,000 sun ba da 1,500,000, jimla 2,700,000. Ke nan an fara cajin sabon farashi daga 1 ga Satumba, a tsakiyar shekarar da aka riga aka yi yarjejeniya a kanta. Takardar ƙarin da kanta ta ce daga sabunta haya mai zuwa ne, ni ma a kan haka na amsa. Ko da ba ta faɗa ba, takardar ƙarin haya tayi ce daga mai gida, ba ta sauya farashin wa'adin da ake ciki sai ɗan haya ya amince ko yarjejeniya ta ba da wannan dama a fili. Naira 300,000 suka fita a nan.

A ɓangaren biya kuma, ejan ya nuna biya biyu: 1,200,000 a Maris da 600,000 a Satumba. Na uku, naira 400,000 a Disamba, babu shi. Dalilin ɓatansa sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe littafin haya: kuɗin sun fito ne daga asusun wani ɗan'uwana, ba daga nawa ba, kuma mai shigar da lissafi da sunan mai turowa yake gane kuɗin wane ne. Irin wannan kuɗi sai ya zauna a asusun ofis ba mai shi, ko a jingina shi ga wani ɗan haya mai irin sunan. Ba a warware shi da rantsuwa. Ana warware shi da shafin sitatimen na wanda ya tura, da lambar cinikin, da saƙon da aka aika wa ejan a ranar cewa ga kuɗi nan an turo. Da aka mayar da shi, abin da na biya ya zama 2,200,000 daga cikin 2,400,000. Ragowar haya naira 200,000 ce, ba 900,000 ba.

Kuɗin hidima ne ya ci lokaci, domin takardar ba ta nuna komai ba sai cewa kasona naira 2,200,000 ne, na ba da 1,200,000 a farkon shekara, saura 1,000,000. Ba za a iya jayayya da dunƙulallen adadi ba, sai an kwance shi. Saboda haka kafin babbar wasiƙa na aika gajeriya, layi huɗu, ina neman abubuwa uku: jerin abin da aka kashe a gidan daga Janairu zuwa Disamba 2024, kwafin rasit da takardun kawo kaya, da ƙa'idar da aka bi aka raba. A Legas doka ce ta ba ɗan haya wannan haƙƙi: Dokar Haya ta 2011 ta wajabta wa mai gida ko wakilinsa ya ba da rasit na daban na kuɗin hidima, ya kuma ba da bayani a rubuce na yadda aka kashe kuɗin aƙalla duk wata shida, ko da yake dokar ta keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA. Wannan doka ba ta aiki a Abuja, don haka ban ambace ta ba. Na dogara ne da sashen yarjejeniyarmu da ya ce abin da aka karɓa a farkon shekara ajiya ce, kuma za a daidaita ta da ainihin abin da aka kashe. Wanda ya ce zai daidaita da ainihin abin da ya kashe ya ɗora wa kansa nauyin nuna shi.

Jerin da ya zo ya nuna man dizal naira 7,020,000, albashin masu gadi 1,920,000, shara da share haraba 600,000, wutar haraba da ta burtsatse 840,000, sabis na janareta 420,000, da sabon famfon burtsatse 1,200,000. Jimla miliyan 12 cif. An ɗora ladan kula da gida kashi 10 cikin ɗari, ya zama 13,200,000, aka raba gida shida, kowa ya tashi da 2,200,000. Haɗawar da rabawar duk daidai suke idan ka buga a kalkuleta, kuma a nan ne mutane da yawa suke sallamawa. Kuskuren ba a tarawa yake ba, yana cikin adadin da aka shigar da kuma adadin da aka raba da shi.

Dizal shi ne fiye da rabin kuɗin, don haka shi ya cancanci a zauna a kansa. An rubuta lita 5,400 a kan matsakaicin naira 1,300. Na jera takardun kawo mai bisa kwanan wata na tara litocin, sai suka tsaya a 4,800. Bambancin lita 600 ne, daidai da kawowa ɗaya. Da na duba jerin ejan sai na ga kawowa biyu a mako guda, adadin lita iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya. An shigar da takardar kawo kaya a ranar da tanka ta zo, sannan an sake shigar da rasit a ranar da aka biya mai man, kamar wani sabon mai ne. Alamar wannan kuskure ita ce lambar takarda: rasit ɗin yana ɗauke da lambar takardar kawowar da yake biya, kuma lambar ɗaya ce.

Akwai hanya ta biyu ta tabbatarwa wadda ba ta dogara da takardun ofis ba. Kowane janareta irin wannan yana da mitar awa a jikin allonsa, kuma mai yi masa sabis yana rubuta karatun mitar a takardarsa duk lokacin da ya canja baƙin mai da filta. Daga karatun farkon Janairu zuwa na ƙarshen Disamba injin ya yi kimanin awa 600. Injinmu mai ƙarfin 40 kVA ne, kuma irinsa yana shan kusan lita takwas a awa idan an ɗora masa kaya sosai. Awa 600 sau takwas lita 4,800 ke nan. Wannan lissafi ba ya ba da adadi na ƙwaƙƙwara, domin shan mai yana hawa da sauka gwargwadon nauyin da ke kan injin da tsufansa, kuma dole a lura da man da aka tarar a tanki a farkon shekara da wanda ya rage a ƙarshenta. Amma yana nuna wane adadi ne ya fi kusa da gaskiya. A wasiƙa na sa shi a matsayin ƙarin shaida, babbar hujjar ita ce lambar takarda da ta maimaitu. Lita 600 a kan 1,300 naira 780,000 ne.

Wutar haraba kuma an rubuta 840,000. Mai karatu zai iya yarda da wannan cikin sauƙi, domin a Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kowane yunit, kuma kowa ya ji a jikinsa. Sai dai mitar haraba ta kati ce, duk wutar da aka saya daga kamfanin wuta na AEDC tana da rasit, kuma rasit goma sha biyun sun taru a 480,000. An juya lambobi ne wajen kwafa. Masu lissafi suna da wata dabara ta gane wannan: idan bambancin adadi biyu ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an musanya wurin lambobi biyu. 840 a cire 480 saura 360, kuma 360 ya rabu da tara. Ba hujja ba ce ita kaɗai, amma tana nuna inda za a duba, kuma tana ba ka damar rubuta wa ejan cewa kuskuren alƙalami ne, abin da ya fi masa sauƙin amincewa.

Famfon burtsatse daban yake da waɗannan biyun, domin ba kuskuren lissafi ba ne, saɓani ne a kan wa ya kamata ya biya. Yarjejeniyarmu ta ɗora wa 'yan haya kula da kayan gida na yau da kullum, ta bar wa mai gida gini da sauya manyan kayan aiki. Sabon famfo da zai yi shekaru yana aiki bayan wasunmu sun tashi, a fahimtata, sauyawa ne. Na cire shi daga lissafina, amma na faɗa a fili cewa wannan fahimtata ce ta sashen, ban jera shi tare da kurakuran da takarda ta tabbatar ba. Ina ganin wannan rarrabewa tana cikin abin da ya sa aka ɗauki wasiƙar da muhimmanci. Idan ka kira saɓanin fahimta da sunan kuskure, ka ba ɗaya ɓangaren wurin da zai tsaya ya yi ta musu, ya manta da sauran layukan da ba su da amsa.

Sai rabawa. Fulat takwas ne a gidan, an raba gida shida. Ɗaya babu kowa a ciki tsawon shekarar, ɗaya kuma wani ɗan'uwan mai gida ne a ciki, ba ya biyan haya, don haka ba ya cikin littafin ejan. Yarjejeniyata ta ce kasona ɗaya bisa takwas ne. Ga adalci, ejan yana da abin cewa a kan fulat da ba kowa: gidan da ke kulle ba ya shan dizal. Amma ana gadinsa, ana share gabansa, kuma haɗarin rashin samun ɗan haya na mai gida ne, ba na maƙwabta ba. Fulat da ke da mutum a ciki kuwa yana shan wuta da ruwa kamar kowa. Inda yarjejeniya ba ta faɗi kaso ba, wannan magana ce ta sulhu, kuma raba dizal tsakanin waɗanda ke zaune, sauran kuma tsakanin dukkan fulat, mafita ce mai kyau. Inda ta faɗa, an gama magana.

Wajen sake lissafin, tsarin matakai yana da muhimmanci. A fara gyara abin da aka kashe, sannan a lissafa ladan kula da gida a kan gyararren adadi, sannan a raba. Mutane sukan cire kurakurai su manta cewa kashi goman ma an ɗora shi a kan kuɗin da ya kumbura. Da aka cire 780,000 da 360,000 da 1,200,000 daga miliyan 12, saura 9,660,000. Kashi goma na wannan 966,000 ne, jimla 10,626,000. Ɗaya bisa takwas naira 1,328,250. An cire ajiyata ta 1,200,000, saura 128,250. Tarar jinkiri kuma an lissafa ta kashi 5 cikin ɗari a kan 1,900,000, wato haya da hidima a haɗe, alhali sashen tara a yarjejeniya haya kaɗai ya ambata. Kashi biyar na 200,000 naira 10,000 ne.

Wasiƙar da aka miƙa a ofis da Turanci take, domin da shi aka rubuta yarjejeniyar. Mai gida kuwa dattijo ne Bahaushe, don haka na haɗa masa da ta Hausa, kuma ita ce wannan, ban da suna da adireshi:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali.

Ranka ya daɗe, na karɓi takardar lissafi mai kwanan wata 15 ga Afrilu 2025 wadda wakilinka ya aiko, tana nuna ana bina naira 1,995,000. Na bi ta layi bayan layi tare da yarjejeniyarmu da rasit. Na yarda akwai naira 338,250 a kaina, kuma na biya su yau. Sauran naira 1,656,750 ban yarda da su ba, saboda dalilan da ke tafe.

Na farko, an caje ni sabon farashin haya daga 1 ga Satumba 2024. Takardar ƙarin ta watan Agusta ta ce zai fara ne daga sabuntawa, wato 1 ga Maris 2025. Hayar shekarar naira 2,400,000 ce, ba 2,700,000 ba. Kwafin takardar shi ne maƙale na 1.

Na biyu, ba a shigar da naira 400,000 da aka tura a madadina a watan Disamba 2024 ba. Shafin banki da lambar cinikin su ne maƙale na 2. Da wannan, ragowar haya naira 200,000 ce.

Na uku, a kuɗin hidima an shigar da kawowar dizal ta lita 600 sau biyu, naira 780,000, kuma an rubuta wutar haraba 840,000 alhali rasit sun nuna 480,000. Ina kyautata zaton kuskuren shigarwa ne. Maƙale na 3 da na 4.

Na huɗu, an raba kuɗin gida shida, yarjejeniya kuma ta ce kasona ɗaya bisa takwas ne.

Na biyar, an sa sabon famfon burtsatse, naira 1,200,000, a cikin kuɗin hidima. A fahimtata yarjejeniya ta bar sauya irin wannan kaya a wuyan mai gida. Idan Alhaji yana da wata fahimta, a shirye nake mu zauna a kanta.

Na shida, tarar jinkiri a kan haya kaɗai take, don haka naira 10,000 ce, ba 95,000 ba.

Cikakken lissafina yana maƙale na 5. Kuɗin da na biya yau an yi su ne kamar haka: 200,000 cikon hayar 2024 zuwa 2025, 128,250 cikon kuɗin hidima na 2024, 10,000 tara. Ina roƙon a ba ni rasit a kan haka, kuma kada a juya su zuwa wani layi. Biyan nan ba amincewa ba ne da sauran adadin.

Ina roƙon a aiko da gyararriyar takarda cikin kwana 14, ko a nuna mini takardar da ta saɓa wa abin da na kawo, ni kuma zan biya duk abin da ya tabbata. Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci."

Akwai abubuwan da na bari a waje da gangan. Ban kawo maganar yoyon banɗaki ba, ko ƙofar da aka daɗe ba a gyara ba, duk da gaskiya ne. Wannan wasiƙa ce ta daban. Idan aka haɗa su, amsar da za ta dawo a kan banɗaki za ta tsaya. Ban kuma yi amfani da kalmar cuta ko zamba ba. Kurakuran duk sun karkata ɓangare ɗaya, zuciya za ta raya maka abubuwa, amma abin da kake iya tabbatarwa shi ne adadi, ba niyya ba, kuma zargin da ba hujja yana iya juyowa kanka. Haka nan ban rubuta jumla irin "na san ana bina, a yi mini haƙuri" ba tare da adadi ba. Amincewa da bashi a rubuce shaida ce, kuma idan ba ka ɗaure ta da adadi ba, za a iya karanta ta a kan dukkan abin da ke takardarsu.

Sakin layin da ya fayyace inda kowace naira za ta shiga shi ne wanda ba zan yarda a cire ba. Ƙa'idar ita ce mai biya yana da ikon faɗin wane bashi yake biya a lokacin da yake biya. Idan ya yi shiru, mai karɓa ne zai zaɓa. Ejan da aka tura wa 338,250 ba bayani zai iya zuba su duka a kan kuɗin hidimar da ake jayayya a kai, ya bar haya a buɗe, kuma bashin haya shi ne wanda ake kai mutum kotu a kansa a nemi ya tashi. Saboda haka na tura kuɗin kashi uku, kowanne da bayaninsa a gurbin da manhajar banki take bayarwa, misali:

```
Flat 5 rent balance Mar 2024-Feb 2025
```

Wasu sukan ce kada a biya komai sai an gyara takarda. Ban ga hikimar haka ba. Riƙe abin da ka san ana binka ba ya ƙara maka ƙarfi, yana mayar da kai mai bashin haya na gaske. A Abuja Dokar Karɓar Gidaje daga 'Yan Haya ce ke aiki: mai hayar shekara yana da notis na wata shida idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, bayansa notis na kwana bakwai, sannan kotu. Amma yarjejeniyoyi da yawa suna rage wannan wa'adi, kuma wanda hayarsa ta ƙayyadadden lokaci ce ta ƙare, notis na kwana bakwai kawai ake ba shi. Wasiƙar jayayya ba ta dakatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan notis ya riga ya zo tare da takardar lissafi, a nuna wa lauya wasiƙar kafin a aika.

Miƙawa ma tana da ƙa'ida. Na buga kwafi biyu, na kai ofishin ejan, aka sa hannu da kwanan wata da hatimi a kan nawa. Na aika hoton wannan kwafi mai hatimi ta waya ga ejan da mai gida. Duk maƙalan kwafi ne, asalin rasit ba ya barin hannu. Na kuma sa wa kowane maƙale lamba a saman shafi, na ja layi ƙarƙashin adadin da ake magana a kai, domin wanda zai duba kada ya sha wahalar nema.

Amsa ta zo a cikin wa'adin. An amince da kuɗin Disamba, da ranar fara sabon farashi, da dizal, da wutar haraba, da tara. A kan rabawa ejan ya so ya tsaya a bakwai, mai gida ya ce a bi abin da aka sa wa hannu. Famfo ne aka zauna a kansa. Takardar mai aikin ta raba kuɗin biyu: famfon kansa 1,040,000, aikin ciro tsohon da saka sabon 160,000. Aka daidaita cewa mai gida ya ɗauki famfon, 'yan haya su ɗauki aikin. Da kashi goma a kai ya zama 176,000, kasona naira 22,000, na biya da bayaninsa daban. Da ba a daidaita ba, mataki na gaba shi ne cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja, kafin a kai ga shari'a a kan adadin da bai kai kuɗin lauya ba.

Gyararriyar takardar ma sai an bi ta da kalkuleta kamar ta farko. Wuraren dubawa biyu ne. Na ɗaya, a tabbata an soke layukan kuskure ko an rubuta ragi a gabansu da adadinsu, ba wai an canja jimlar ƙasa kawai ba, domin littafin ofis daga layuka yake tarawa. Na biyu, a takardar shekara mai zuwa a duba layin farko, wanda ake ɗauko ragowar bara a cikinsa. Idan an gyara takardar da aka ba ka amma ba a gyara littafin ba, tsohon adadin a wannan layi zai sake fitowa. Don haka na nemi a rubuta a gyararriyar takardar cewa asusun haya zuwa 28 ga Fabrairu 2025 da asusun hidima zuwa 31 ga Disamba 2024 babu saura a kansu, da sa hannun ejan da hatimin ofis.